Lissafin jan bulo da siminti na bango mai kaurin inci tara

“Bango zan gina a Aboabo, Kumasi, tsawo mita 10, tsayi mita 2.4, kauri inci tara, da ƙofa ɗaya. Jan bulo nawa zan saya, da siminti buhu nawa?”

Malam, ka fara auna bulon da za ka saya, domin girmansa yakan bambanta daga masu gasawa. Na ɗauka naka milimita 215 ne a tsawo, 102.5 a faɗi, 65 a tsayi. Idan aka ƙara milimita 10 na kwaɓin da ke shiga tsakaninsu, fuskar kowane bulo za ta zama 225 sau 75, wato murabba'in mita ɗaya yana cin kusan 60 a jeri guda. Inci tara kuwa jeri biyu ne, don haka 120 ke nan.

Bangonka murabba'in mita 24 ne, in an cire ƙofa saura kamar 22, wanda zai ci bulo 2,640. Ƙara kashi 5 cikin ɗari saboda fashewa da yanka, ka sayi 2,800.

Kwaɓin da zai cike tsakanin bulon ya kai mita kubik ɗaya, amma busasshen haɗi yana raguwa da zarar ya sha ruwa, shi ya sa ake lissafa 1.3. A haɗin siminti ɗaya, yashi biyar, buhu 7 masu kilo 50 sun isa, ban da filasta.

Ka lura da hannun magini: sahu huɗu na bulo da aka ɗora kan juna su tashi milimita 300. Idan sun wuce haka, kwaɓin ya yi kauri, bulo zai yi saura, siminti kuma ya gaza.