Yadda za ki gyara tallan kayanki kafin Sallah da komawa makaranta ba tare da kin faɗo a bincike ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan yara daga Zariya, jakunkunan makaranta da sandal da kayan Sallah. Ina da shago a ɗaya daga cikin manyan kasuwannin intanet, ina kuma da ɗan shafina na sayar da kaya da aka gina da WooCommerce. Bara da aka kusa komawa makaranta na goge tsofaffin tallace-tallacena na ɗora sabbi da hotuna masu kyau, sai kawai oda ta tsaya. Jakar da take fitowa a shafin farko in an nema, yanzu sai an yi ta gangarawa. Bana ina son in sake gyarawa amma tsoro nake ji. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka a nema.

Matsayin da jakarki ta samu a shafin farko na wancan tsohon tallan ne, shi ya tara shi da kaɗan-kaɗan. Kowane talla yana da adireshinsa da lambarsa, kuma a jikinsu ake rubuta tarihinsa: mutum nawa suka gan shi suka danna, nawa suka saya, taurari nawa aka ba shi, me masu saye suka rubuta, sau nawa aka dawo da kayan. Jumia da Konga da ire-irensu ba sa bayyana ainihin lissafin da suke jera kaya da shi, amma dukkansu kuɗinsu a ciniki yake, don haka kayan da ya nuna yana tafiya shi suke turowa gaba. Ranar da kika goge tallan, tarihin nan ya tafi tare da shi. Sabon da kika ɗora ya fara daga sifiri, a daidai makon da kowa ke rububin jaka. Kamar mai rumfa ce a bakin ƙofar kasuwa da ta so sabon fenti, sai ta rushe rumfar ta koma can layin baya ta kafa wata. Bana fentin kawai za mu yi, rumfa tana nan inda take.

Kafin ki taɓa komai, ki ɗauki littafi. Ki zaɓi kayan da suka fi kawo miki kuɗi, ko guda goma ne. Ki karɓi wayar wani wanda bai saba shiga shagonki ba, domin taki wayar ta san ki, tana iya nuna miki kayanki a sama alhali baƙo ba haka yake gani ba. Ki rubuta kalmomin da uwa za ta rubuta in tana neman jaka, ki duba a lamba ta nawa kika fito, ki rubuta da kwanan wata. Ki haɗa da yawan waɗanda suka ga tallan da yawan oda a mako. A shafinki kuwa, in kin haɗa shi da Google Search Console, manhajar Google mai nuna yadda shafi ke fitowa a bincike, ki shiga sashen Performance. Yana ajiye bayanan wata 16, ke nan Satumbar bara tana ciki, za ki ga ainihin kalmomin da suka kawo miki mutane a lokacin. Ina nacewa a kan littafin nan saboda yawancin masu zuwa mini da kukan sun faɗo ba su san a ina suke tsaye ba tun farko, sai mu rasa abin da za mu gwada da shi.

Sai sunan tallan, wanda nan ne aka fi yin ɓarna. Mu ɗauki jakarki. A ce sunanta a shagon haka yake:

```
Kids School Bag 3 Pockets Waterproof Blue
```

Kalmomin farkon nan su ne suka dace da abin da mutane ke rubutawa, su suka kai ki shafin farko. Mai ɗokin kakar ciniki sai ya share su ya rubuta sunan rangwame da shekara da manyan baƙaƙe, ya manta ba wanda ke neman rangwame shi kaɗai, jaka ake nema. Ki bar kan sunan yadda yake, ki yi ƙari a wutsiya:

```
Kids School Bag 3 Pockets Waterproof Blue - Back to School
```

Kada ki sa shekara a ciki, domin in Janairu ta zo tallan zai zama kamar kwantai. Sauran zancen kaka ki kai shi cikin bayanin kayan, inda gyara ba ya da haɗari sosai: jakar tana ɗaukar littattafan ɗan firamare nawa, tsawonta da faɗinta da santimita, ko gorar ruwa na shiga aljihun gefe, a kwana nawa take isa Kano ko Abuja. Irin tambayoyin da ake damun ki da su a WhatsApp, su za ki amsa a nan.

Hoton farko kuma, in tallan yana ciniki, ki yi masa a hankali. Shi mutane suka saba dannawa. Ki ƙara sabbin hotunan a matsayi na biyu da na uku: yaro goye da jakar, cikinta a buɗe, zif ɗin kusa-kusa. In kin tabbata sabon hoto ya fi, ki fara gwada shi a kan kayan da ba su cika tafiya ba. Ni a ganina kayan da suka yi barci nan ne filin gwaji, ki canza musu suna da hoto yadda kike so, babu abin da za ki rasa. Waɗanda ke ciyar da gida kuwa, abu ɗaya ake canza musu a lokaci ɗaya, a jira mako guda ko kwana goma, a duba littafi, sannan a taɓa na gaba.

Dalilin wannan haƙurin shi ne ki iya gane abin da ya yi ciwo in an samu matsala. Misali, a ce kafin gyara mutum 1,000 ke ganin jakar a mako, 50 su danna, 5 su saya. Bayan gyara, in masu gani suka koma 400, sunan ne, kin cire kalmar da ake nema ko kin tura ta baya, sai ki mayar da shi yadda yake. In masu gani suna nan 1,000 amma masu dannawa sun koma 20, ana nuna ki, ido ne ba ya tsayawa, ki tuhumi hoton farko ko farashi. In kuwa gani da dannawa duk suna nan amma oda ta koma 1, matsalar tana cikin shafin: kuɗin kai kaya, ko launin da ake so ya ƙare, ko wani sharhi marar daɗi ya hau sama. Wadda ta canza suna da hoto da farashi a dare ɗaya ba ta da hanyar rarrabe waɗannan, sai dai ta yi ta canki-canka. Ki kuma sani cewa ɗan hawa da sauka a kwana biyu ko uku na farko ba abin tayar da hankali ba ne, kada ki yi saurin sake taɓawa.

Tunda kowane gyara na buƙatar jira, dole a fara da wuri. Ina ba da shawarar mako shida kafin kaka, a rufe gyaran suna da hoto saura mako biyu. A kasuwanni da yawa, in kika canza suna ko hoto sai ma'aikatansu sun duba kafin ya fito, kuma lokacin rububi layin dubawar yakan yi tsawo. Shi ma Google sai ya sake zagayowa shafinki kafin ya ga sabon rubutu, abin da kan ɗauki kwanaki ko makonni. Za ki iya tunatar da shi ta URL Inspection a cikin Search Console, ki danna Request Indexing, amma roƙo ne, ba ya tilasta masa. Don komawa makaranta ta Satumba, wadda ta fi ta Janairu da ta Afrilu ciniki saboda sabon aji da sabbin ɗalibai, ki fara tun ƙarshen Yuli. Sallah kuwa kada ki dogara da kwanan watan bara, tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Gyaran ƙaramar Sallah a Sha'aban ake yin sa, kafin azumi ya kama. In yadi ko shadda kike sayarwa ma ya kamata ki riga haka, tunda teloli na daina karɓar ɗinki tun azumi bai yi nisa ba. Tsakanin Sallah biyun kusan kwana 70 ne kawai, don haka abin da kika gyara wa ƙarama ki bar shi ya kai ki babba.

Akwai dabara ɗaya da nake roƙon ki da ki guje mata. Wasu kan ɗauki tallan da ya tara taurari, su canza shi gaba ɗaya ya koma wani kaya, jaka ta koma rigar Sallah, don rigar ta gaji taurarin. Uwa za ta shiga ta ga hoton riga, a ƙasa kuma ana yabon ƙarfin zif da igiyar goyo. Yaudara ce, kasuwanni na hukunta ta, kuma kalmomin da tallan ya yi suna da su na jaka ne, rigar ba za ta amfana da su ba. Sabon kaya a buɗe masa sabon talla. In dai sabon launi ne ko sabon girma na jakar nan, ki duba ko shagon ya yarda a ƙara shi a ƙarƙashin tsohon tallan, wannan halas ne kuma ya fi.

Idan kaya ya ƙare a tsakiyar kaka, ki mayar da adadinsa sifiri, kada ki goge. Zai ɗan ja baya, amma taurarinsa na nan har ki sake sarowa. Kada kuma ki bar adadin ƙarya don gudun faɗowa. Odar da kika soke saboda babu kaya tana rage makin shagonki, kuma wannan makin duk kayanki yake shafa.

A shafinki na WooCommerce, abin da za ki kiyaye shi ne adireshin kowane kaya, wanda ake kira Permalink. Canza suna ba ya canza shi bayan an wallafa, sai in ke kika gyara shi da hannu, to ki bar shi. In ya zama dole, wanda ya gina miki shafin ya sa turawa ta 301 daga tsohon adireshi zuwa sabo, ita ke gaya wa Google cewa ƙaura ce ta dindindin. Ki sa shi ya yi wa jakunkunan da kika goge bara haka, in kina iya tuno tsofaffin adireshinsu, ko ki zaƙulo su a Search Console cikin shafukan da ke nuna 404, wato ba a same su ba. Shafin tara kayan kaka kuma guda ɗaya za ki buɗe wa kowace kaka ki riƙa amfani da shi duk shekara:

```
/kayan-sallah
/komawa-makaranta
```

Google da kansa ya ba masu shaguna wannan shawarar a kan shafukan Black Friday, cewa a riƙa maimaita adireshi ɗaya maimakon buɗe sabo mai shekara a jiki. In kaka ta wuce kada ki sauke shafin, ki bar kayan da suka rage a ciki da ɗan layi mai cewa sabbi na zuwa.

Mako biyu bayan an koma makaranta, ki cire ƙarin da kika yi a wutsiyar sunan jakar, ki sake bincikawa da waccan wayar, ki rubuta lambar da kika fito a gefen ta Yuli. Da waɗannan lambobi biyu za ki fara aikin zangon Janairu.