Amsa kan yankan ɗango a waƙar da ba ta bin kari

"Waƙar da aka ba mu ba ta da kari, ba ta da amsa-amo. Ta yaya zan kafa hujja a maƙala cewa inda aka yanke ɗango yana da ma'ana?"

Abin da na daɗe ina sa ɗalibai su fara yi shi ne su kwashe waƙar su rubuta ta a zube, kamar zance. Duk abin da ya ɓace a nan, aikin yankan ɗango ne, kuma a kansa za ka gina hujjarka. Ga ɗan misali da na tsara:

Baba ya bar mana
gona, ya bar mana
bashi, ya bar
mu.

A zube, jimla ce guda: Baba ya bar mana gona, ya bar mana bashi, ya bar mu. Ba kalmar da ta canja, amma jiran ya tafi. Ɗango na farko ya tsaya kafin a faɗi abin da aka bari, sai ka gangara ƙasa ka iske gona. Na biyu ya ƙare da kalmomi iri ɗaya, kunne ya sa ran wani gadon, sai ga bashi. Na uku ya katse tun a "ya bar", babu "mana", daga nan "mu" ta faɗo ita kaɗai. 'Ya'yan da aka bar wa gado sun koma cikin jerin abin da aka bari, kuma kalmarsu tana tsaye a layin ba kowa kusa da ita. Wannan ita ce gangara: ɗango ya ƙare, zance bai ƙare ba. In ta tsallaka daga baiti zuwa baiti, saɓi-zarce ke nan, kuma jiran ya fi tsawo saboda farin filin da ke tsakani.

A maƙalar, kawo ɗangayen da alamar / a inda aka yanke, ka faɗi abin da mai karatu ya zata a ƙarshen ɗango da abin da ya tarar a farkon na gaba. Sannan ka gwada wani yankan, misali a kan kowace waƙafi, ka nuna cewa da haka aka yi, da gona da bashi da 'ya'ya sun zo da nauyi ɗaya.

Jimlar da ta fi ci mini rai a takardun ɗalibai ita ce "mawaƙin ya yi gangara don jan hankalin mai karatu". Kowace waƙa za a iya faɗa mata haka. In jimlarka za ta zauna daram a kan wata waƙar daban, ba ka kama hujja ba tukuna.

Kuma ba kowane yanka ke ɗauke da ma'ana ba, wani don numfashi ne kawai. Zaɓi biyu ko uku da gwajin zube ya nuna sun yi aiki. Ka kuma duba bugun littafin, domin allon waya yakan karya dogon ɗango a inda mawaƙin bai yanke ba.