Babbar kalmar sirri: me take tsarewa a manhajar ajiye kalmomin sirri?

Tambaya: Malam, ina da shagon POS a Gusau. An ce in tara kalmomin sirrina a manhaja ɗaya, in riƙe guda a ka. To idan ɓarayin intanet suka fasa kamfanin, ba sun kwashe komai ba ke nan? Daga Sanusi.

Amsa: Malam Sanusi, abin da za su samu ya danganta da ƙarfin kalmar da ka riƙe a ka, domin kamfanin kansa bai san ta ba. A manhajoji irin su Bitwarden da 1Password, duk abin da ka ajiye ana dagula shi tun a cikin wayarka da lissafin da ake kira AES-256, sannan a tura kwafi zuwa kwamfutocin kamfanin. Abin da ke hannunsu tarin haruffa ne marasa ma'ana.

Mabuɗin da ke warware wannan dagulalliyar taska ba kalmarka ba ce kai tsaye. Ranar da ka yi rajista manhajar ta ƙirƙiri wani dogon mabuɗi da ba mai iya cankarsa, da shi ake kulle taskar. Shi kuma wannan mabuɗi ana kulle shi da wani da ake tacewa daga babbar kalmarka, kamar ka sa makullan shago a ƙaramin akwati ka riƙe makullin akwatin. Tacewar nan da gangan aka sa ta zama mai wahala. Ta hanyar wani lissafi da ake kira PBKDF2, Bitwarden na maimaita lissafin sau 600,000 kafin mabuɗin ya fito. Kai jinkirin daƙiƙa ɗaya ko biyu za ka gani, amma ɓarawo sai ya biya wannan wahalar a kan kowace kalma da ya gwada.

Abin da kake tsoro ya taɓa faruwa. A 2022 an sace kwafin taskokin masu amfani da wata manhaja irin wannan mai suna LastPass. Kalmomin sirrin suna kulle, sai dai adireshin shafukan da mutane ke shiga ba a kulle su ba, kuma wasu tsofaffin asusu an bar su da maimaici kaɗan ƙwarai. Da zarar kwafi ya shiga hannun ɓarawo, babu batun a rufe shi bayan ya yi kuskure sau uku, kuma lambar tabbatarwa da ke shigo maka ta waya ba ta da tasiri a nan, don ƙofar shiga asusu take tsarewa. Yana zaune a ɗakinsa yana ta gwaji.

Mu ƙaddara na'urarsa na gwada kalma 10,000 a daƙiƙa. Idan lambar waya ka sa, masu farawa da 070, 080, 081, 090 da 091 duka miliyan 500 ne, zai gama da su cikin kamar awa 14. Irin su Gusau1990 kuwa ba za su kai ko'ina ba, da sunan gari da shekarar haihuwa ake fara gwaji. Amma kalmomi biyar da manhajar ta zaɓo maka da ka daga jeri mai kalma 7,776, a wannan gudun sai ya yi shekara kusan miliyan 90 kafin ya ƙare su. Ka bar manhajar ta zaɓa, kada ka ɗauko karin magana ko baitin waƙa da kowa ya sani.

Inda na fi jiye maka tsoro shi ne kan teburin shagonka. Babbar kalma tana tsare taska ne lokacin da take rufe. Idan ka buɗe ta da safe, ka miƙa wa yaron shago wayar ya duba ko kuɗin kwastoma sun shigo, ko ka kai ta wurin mai caji a haka, komai a fili yake. Haka idan wayar na ɗauke da muguwar manhaja mai naɗar abin da kake dannawa. Ka shiga saitin manhajar ka sa ta kulle kanta bayan minti ɗaya, kuma idan da yatsa kake buɗewa, ka tabbata yatsanka kaɗai ke rajiste a wayar.

Idan ka ji labarin an sace kwafin taskarka, canza babbar kalma kaɗai bai wadatar ba, domin kwafin da ke hannunsu tsohuwar kalmar ce ke buɗe shi har abada. Ka canza na cikin, ka fara da imel da na banki.

Mantuwa kuma tana iya zama ba ta da magani a asusun mutum ɗaya, tunda kamfanin ba shi da abin da zai turo maka. Ka rubuta kalmar a takarda, ka adana ta a gida tare da takardun fili, ba a aljihun teburin shago ba.