Gyara rubutun hira ba tare da canza magana ba

Tambaya: Na ɗauki hira da wani mai mangyaɗa a Babbar Kasuwar Maradi, na rubuta duk abin da ya faɗa, amma ta cika da "eh", "wato", "ka gane". Me zan cire?

Malam, fara ajiye kwafin farko gefe guda, kada ka taɓa shi, ka yi gyaran a kan na biyu kana sauraren muryar. Ido kaɗai ba ya rabe "eh" na cika baki da "eh" na amsa tambaya, sai kunne.

A ce ya faɗi haka: "To, wato, na, na sayo buhu, a'a, buhu biyu na gyaɗa, ka gane, kamar jaka ashirin kowane, ina ga." Sai ta koma: "Na sayo buhu biyu na gyaɗa, kamar jaka ashirin kowane, ina ga." "Buhu, a'a" ta fita don shi da bakinsa ya gyara. Amma "kamar" da "ina ga" suna nan, domin kintace ya yi. In ka cire su, ka sa shi ya tabbatar da farashin da bai tabbatar ba, kuma nan ne na fi ganin ana kuskure. Haka "wai": ita ke nuna ji ya yi, bai gani ba.

Kada kuma ka mayar da Hausarsa ta koma ta Kano. In ya ce "shina zuwa", bar masa abinsa.

In hirar ta shari'a ce ko ta nazarin harshe, kada ka cire komai sai ka tambayi lauya ko malamin da ke duba aikin.