Ƙafafun tankin ƙarfe na sama: lissafin nauyin ruwa da lanƙwasar iska a haɗe

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. Za mu ɗora tankin ƙarfe na kusan lita 14,500 a kan hasumiya mai tsawon mita 9 a wata makaranta a Gusau. Ƙafa huɗu ce, fayif mai inci 4, kauri milimita 4, tsakanin ƙafa da ƙafa mita 2.4. Mai walda ya ce ɗaurin kwance a kowace mita 3 ya wadatar, ba sai an sa gicciye ba, don fayif ɗin ya fi ƙarfin nauyin. Yaya zan duba?"

Wa'alaikumus salam Malam. Ka dakatar da aikin har a sa gicciye a fuskoki huɗu, a kowane hawa. Bari mu bi lissafin tare ka ga dalili da idonka. Zan bi tsarin BS 5950, ƙa'idar Birtaniya ta lissafin ginin ƙarfe, wanda injiniyoyinmu da yawa suka saba da shi. Ka riƙe a ranka cewa 10 kN kusan tan 1 ne.

Tankin da ka faɗa irin na fala-falan ƙarfe ne, mita 2.44 ta kowane ɓangare. Ruwan cikinsa tan 14.5 ne, wato 142 kN. Mu ƙaddara tankin kansa da dandamali da hasumiyar sun kai 28 kN, sai dai ka nemi ainihin nauyin a wurin masu tankin ka gyara wannan adadi. Jimilla 170 kN, kowace ƙafa 42.5 kN. BS 5950 ya ce a ninka nauyin tanki da abin da ke cikinsa da 1.4, sai ya zama kusan 60 kN a kan ƙafa ɗaya. A nan mai walda ya tsaya, kuma iya nan gaskiyarsa: fayif ɗin zai ɗauki wannan ba tare da ya nuna alamar wahala ba.

Saura iska. Ba iskar hunturu ake tsoro ba, guguwar farkon damina ce, wadda ke tasowa daga gabas gabanin hadari ta kwashe rufin ajujuwa. Na ɗauki gudun mita 40 a daƙiƙa don wannan misali, kai kuma ka tabbatar da adadin da ya dace da filinku, musamman idan makarantar a bayan gari take ko kan tudu. Matsin iska shi ne 0.613 sau gudun sau gudun, ya ba da kusan 1 kN a kowace murabba'in mita. Fuskar tankin ta kai murabba'in mita 6, a ninka da 1.3 saboda akwati ne mai kusurwa, mu ce 8 kN, tana bugawa a tsakiyar tanki, mita 10.2 daga ƙasa. Ƙarafan hasumiyar da tsani su ma suna tare iska, mu ba su 3 kN a mita 4.5. Ƙarfin da ke neman kifar da hasumiyar ya zama 8 × 10.2 + 3 × 4.5, wato 95 kNm.

Mutane da yawa suna raba wannan da mita 2.4, su sake rabawa ga ƙafa biyu, su samu 20 kN. Wannan daidai ne idan iskar ta bugi fuska tsaf. Idan ta zo ta kusurwa kuwa, ƙafa biyu na tsakiya ba sa taimakawa da komai, ƙafa ɗaya ce ta baya take shan dukan, kuma tazarar ta zama mita 3.4. Sai ka samu 28 kN, a ninka da 1.4 ya zama 39 kN. Da wannan ake aiki. Ƙafar da ta fi shan wuya tana ɗauke da 60 da 39, mu ce 100 kN.

Yanzu ga gwajin da kake nema. Ƙafar ƙarfe ƙarfi ɗaya gare ta, danniya tana cin wani kaso, lanƙwasa tana cin wani, kuma kason biyu a haɗe kada su wuce ɗaya:

```
F/Pc + M/Mc ≤ 1.0
```

F danniyar da ke kanta, Pc danniyar da za ta iya ɗauka kafin ta gantsare, M lanƙwasar da ke kanta, Mc lanƙwasar da za ta iya jurewa. Fayif ɗinka faɗinsa na waje milimita 114.3 ne. Da kaurin milimita 4, yankin ƙarfensa 1,386 mm² ne, r ɗinsa, ma'aunin juriyarsa ga gantsarewa, milimita 39, Z ɗinsa, ma'aunin juriyarsa ga lanƙwasa, kusan 36,930 mm³. Idan ƙarfen S275 ne, mai ƙarfin 275 N/mm², Mc ya zama 275 × 36,930, wato 10.2 kNm. Shi Pc ba a samun sa daga kaurin ƙarfe kaɗai, ya danganta da tsawon da ƙafar ta yi ba a kama ta ba.

Mu fara da hasumiya mai gicciye. Kowace mahaɗa a kafe take ba ta motsi gefe, don haka tsawon da ƙafa za ta iya gantsarewa mita 3 ne. Raba 3,000 da 39, siranta ta zama 77. A tebur na 24(c) na BS 5950, wanda ake bi don fayif da aka naɗe aka yi wa walda, wannan yana ba da kusan 167 N/mm², Pc ya zama 231 kN. Kason danniya 100/231, wato 0.43. Lanƙwasar a nan kaɗan ce, domin gicciyen ya mayar da turin iska ya koma ja da danna a jikin ƙarafa. Abin da ya rage shi ne iskar da ke bugun jikin fayif ɗin kansa, kusan 0.2 kNm, da kuskuren zaman dandamali. Ko mai walda ya ƙware, ka ƙaddara nauyin ya kauce daga tsakiyar fayif da milimita 20, wato 60 × 0.02, ya ba da 1.2 kNm. A haɗe 1.4/10.2, wato 0.14. Jimilla 0.57. Ta wuce, har da rara mai kyau.

To, a cire gicciyen kamar yadda mai walda ya ce. Turin iska 11 kN, sau 1.4 ya zama 15.4 kN, yanzu ba shi da hanyar sauka ƙasa sai ta lanƙwasa ƙafafun. Kowace ƙafa ta ɗauki 3.85 kN. Ko mun yi wa aikin kyakkyawan zato mun ce ɗaurin kwancen ya kama ƙafar gam, gindin ma a kafe yake, lanƙwasar za ta kai 3.85 × 1.5, wato 5.8 kNm. Kasonta kaɗai 0.57. Sannan mahaɗun sun samu damar gocewa gefe, tsawon gantsarewa ya ƙaru, mu ce mita 4.5. Siranta ta hau 115, tebur ya sauko kusan 103 N/mm², Pc ya koma 143 kN, kason danniya ya zama 0.70. A haɗe 1.27. Ta faɗi, kuma lura da kyau: kowane kaso shi kaɗai bai kai ɗaya ba. Wanda ya duba nauyi daban, ya duba iska daban, zai ce lafiya ƙalau. Abin da ke yaudarar mutane ke nan.

Kuma 1.27 ɗin nan sassauci ne. Idan farantin gindin siriri ne da kusoshi biyu, gindin juyawa zai yi, lanƙwasar hawan ƙasa ta ninka ta kai 11.6 kNm, ta zarce ƙarfin fayif tun ba a zuba ruwa ba. Ɗaurin kwancen da aka saba yi da ƙaramin angul, an ɗiga masa walda a jikin fayif, ba zai riƙe irin wannan lanƙwasa ba, waldar ce za ta fara tsagewa ko bangon fayif ɗin ya lotsa. Ga kuma tan 14.5 a sama: da kan hasumiya ya goce milimita 50, nauyin da kansa yana ƙara lanƙwasar, ita kuma tana ƙara gocewar.

Gicciyen da zai raba ku da duk wannan ba wani kuɗi ne mai yawa ba. A hawan ƙasa kowace fuska tana ɗaukar 7.7 kN, gicciyen tsawonsa mita 3.84, don haka jan da ke kansa kusan 12 kN ne. Angul 50 × 50 × 5 ya ishe shi. Amma a sa biyu su haɗu kamar almakashi, domin siririn ƙarfe mai wannan tsawo a ja yake aiki, idan aka danna shi bauɗewa yake yi, iska kuma tana iya juyowa. Ya sauka daidai mahaɗar ƙafa da ɗaurin kwance, a kan farantin haɗi mai kauri milimita 8, walda zagaye. Wanda aka liƙa taƙi biyu ƙasa da mahaɗa yana tura tsakiyar fayif, ya dawo da lanƙwasar da aka sa shi ya kawar. Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne a bar hawan ƙasa ba gicciye don a samu wurin ajiye janareta ko ɗakin famfo. Nan ne turin ya fi yawa, nan ne danniya ta fi yawa. Idan dole ne a shiga, a canja fasalin gicciyen fuskar, kada a cire shi.

Ka duba yadda manyan ƙarafan dandamali za su zauna. Su hau kan fayif ta sama, a kan faranti da aka rufe bakinsa da shi. Idan aka liƙa su a gefe, nauyin ya kauce aƙalla milimita 57, lanƙwasar ta tashi daga 1.2 zuwa 3.4 kNm, kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ƙafar ya tafi a banza. Farantin yana kuma hana ruwan sama taruwa cikin fayif ya ci shi da tsatsa daga ciki.

Kaurin fayif ɗin kada ka karɓe shi da baki. A goge bakinsa a auna da abin awon kauri, kowane ɗaya. Idan ya fito milimita 3, Pc zai sauko kusan 175 kN, Mc kuma 7.8 kNm, hasumiya mai gicciye ta tashi daga 0.57 zuwa 0.75. Za ta tsaya, amma rarar ta ragu, kuma idan ba takardar shaidar ingancin ƙarfen, gara a sauke 275 ɗin zuwa 235 a sake lissafi.

Sai gwaji na biyu, tanki ba ruwa. Kowace ƙafa tana da 7 kN kawai a kanta, ba a ninka shi da komai, iska kuma tana cizgar ƙafar gaba sama da 39 kN. Saura 32 kN na tumɓuka. Kankare 24 kN ne a kowane kubik mita ɗaya, don haka kowace ƙafa tana son tushe kamar mita 1.2 sau 1.2 da zurfin mita 1, kusoshi huɗu masu ƙugiya ko faranti a ƙarshensu, an binne su cikin kankaren tun lokacin zubi. Faɗin tushen kuma sai an gwada shi da irin ƙasar wurin a kan nauyin tanki cike.

Bayan an tayar, a sake igiya da nauyi daga saman kowace ƙafa. A mita 9 kada kaucewar ta wuce kamar milimita 15. A cika tankin kashi uku, ana sake dubawa bayan kowane kashi, a kuma girgiza kowane gicciye da hannu: wanda ke kaɗawa sako-sako ba ya aiki sai hasumiyar ta riga ta goce. Tunda yara za su riƙa wucewa ƙarƙashinsa, ka kai zanen da waɗannan alƙaluma wurin injiniyan gine-gine mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba da ainihin nauyin tankin da iskar wurin, ya sa hannu kafin a zuba kankaren tushe.