Jirgina yana kauce wa kujeru a ɗaki, amma a fili ya daki reshe: ina matsalar take?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na haɗa ƙaramin jirgi mara matuƙi don aikin kammala karatuna: Pixhawk mai ArduPilot, da Raspberry Pi 4, da kyamarar RealSense D435 a gaba. A zauren makaranta yana kauce wa kujeru da mutane lafiya lau. Da na fita fili na sa shi gudun mita 5 a sakan, sai ya faɗa cikin busasshen reshen darbejiya. Da la'asar kuma yakan tsaya cak alhali babu komai a gabansa. Kyamarar ce ta lalace, ko saitin ne ban iya ba?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Kyamararka lafiyarta ƙalau, kuma saiti kaɗai ba zai fitar da kai ba. Gudun da ka ba jirgin ya fi ƙarfin nisan da kyamarar ke iya aunawa da gaskiya. Bari mu yi lissafin tare, domin da zarar ka gan shi da idonka, sauran gyare-gyaren za su zo da sauƙi.

D435 idanu biyu ne a jere, tsakaninsu milimita 50. Miƙa yatsanka gaban fuska, ka rufe ido ɗaya, sannan ka buɗe shi ka rufe ɗayan: za ka ga yatsan ya goce gefe sosai, amma bangon da ke can nesa da kyar ya motsa. Wannan gocewar ce kyamarar ke ƙirgawa da fiksel, sannan ta mayar da ita nisa:

```
Z  = f * B / d
dZ = Z^2 * dd / (f * B)
```

`Z` shi ne nisa, `B` tazarar idanun biyu, `d` gocewar, `dZ` kuskuren nisa, `dd` kuskuren gocewar, `f` kuwa adadi ne na gilashin kyamarar, wanda a hoto mai girman 848 × 480 yake kusan fiksel 430. Ke nan, in an ƙirga `B` da mita, `f * B` ya kama 21.5. Abin da ke mita 3 yana gocewa da fiksel 7 da ɗan wani abu, na mita 5 da fiksel 4 da ɗoriya, na mita 10 kuwa da fiksel 2 kacal. Yanzu ɗauka kyamarar ta yi kuskuren kashi ɗaya cikin biyar na fiksel, wanda a fili da jirgi mai karkarwa ba abin mamaki ba ne. A mita 3 kuskuren nisan santimita 8 ne. A mita 5 ya kai santimita 23. A mita 10 ya kusa mita guda cur. Kuskuren ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nisa. In nisa ya ninka biyu, shi ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa masu kyamarar da kansu suka ce inda ta fi aiki da kyau shi ne daga santimita 30 zuwa mita 3. Tana ba da lambobi a gaba da haka, kuma babban bango ko mota za ta gan su daga nesa, amma ba lambobin da zan jingina jirgina a kansu ba ne idan abin siriri ne.

Sai ɓangaren birki. Daga lokacin da kyamara ta ɗauki hoto zuwa lokacin da jirgin ya fara ja da baya, akwai jinkiri: hoton ya bi ta USB, Pi ta tace shi, ta aika saƙo, Pixhawk ta yanke hukunci, sannan jirgin ya karkata. In ka ɗauki sakan 0.3 ba ka yi ƙari ba. Mu ce kuma yana rage gudu da mita 3 a sakan cikin kowane sakan.

```
s = v * t + v^2 / (2 * a)
```

`s` shi ne nisan tsayawa, `v` gudu, `t` jinkirin, `a` kuwa ƙarfin birkin. A gudunka na mita 5, jirgin zai ci mita 1.5 kafin ma ya fara birki, sannan mita 4.2 yana birkin, jimilla mita 5.7. Ƙara mita ɗaya na tazarar da kake so ta rage tsakaninsa da abin, sai ya zama dole ya ga reshen tun daga kusan mita 7. A mita 3 a sakan lissafin yana ba da mita 2.4, a mita 2 a sakan kuma 1.3. A zaure a hankali kake tafiya ba tare da ka lura ba, saboda wurin bai ba ka damar gudu ba. Fili ne ya ba ka damar, kai kuma ka ɗauka.

To me ya sa reshe musamman? Raba nisa da 430 ka samu faɗin da fiksel ɗaya ke rufewa: a mita 5 wajen milimita 12 ne. Tsinken reshe mai kaurin yatsa, ko wayar lantarki, bai wuce fiksel ɗaya ko biyu ba a wannan nisan. Kyamarar kuma ba fiksel guda take daidaitawa tsakanin hoton hagu da na dama ba, ɗan yanki take ɗauka, saboda haka abin da ke bayan reshen yakan rinjaye shi, a ba ka nisan bayan a matsayin amsa. Wayar da ta gitta a kwance ta fi haɗari. Ita kyamarar daga hagu zuwa dama take neman gocewa, waya a kwance kuwa ko'ina a tsawonta iri ɗaya ce, babu alamar da za a kama a ce ga inda ta goce. Ni a ganina, duk wanda zai tashi jirgi kusa da wayoyi ya saka wurarensu cikin shingen taswira tun kafin tashi, kada ya bar wa kyamara wannan aikin. Bishiya mai ganye tana fitowa sarai. Wadda ta kaɗe ganye a rani ita ce ke cin farfela.

Akwai kuma karkatar jirgin. Kyamarar tana ganin digiri 87 a faɗi da 58 a tsaye, wato digiri 29 sama da 29 ƙasa. Jirgi mai farfela huɗu sai ya sunkuyar da kai yake tafiya gaba, in zai tsaya kuma ya ɗaga kai; birkin da muka lissafa yana buƙatar karkata ta wajen digiri 17. Idan manhajarka tsakiyar hoton kawai take dubawa, to lokacin ɗaukar gudu ƙasa take kallo, lokacin birki kuma sama. Karɓi karkatar daga saƙon `ATTITUDE`, ka riƙa matsar da layin da kake dubawa yadda zai tsaya a kan hanyar da jirgin zai bi.

Game da rana, mutane da yawa suna cewa tana makantar da irin wannan kyamarar. Rabin gaskiya ne. D435 tana fesa ɗige-ɗigen hasken infirared don ta sa wa abu mai santsi alamun da za ta kama. A zaure ɗigon nan ne ke sa farin bango ya fito tsaf. A fili hasken rana yana shanye shi gaba ɗaya. Amma rana tana haska ƙasa, ciyawa da kututture da kyau, don haka abu mai kaushi yana fitowa fiye da yadda yake yi a ɗaki. A nan ta fi kyamarorin da suka dogara kacokan ga haskensu na kansu, irin Kinect ta farko. Abin da ke ɓacewa shi ne mai santsi: bango mai filasta da fenti, gilashi, ruwan kududdufi, kwanon rufi mai ƙyalli. A waɗannan wuraren kyamarar tana rubuta sifili, kuma sifili ba ya nufin hanya a buɗe take, yana nufin ba ta samu awo ba. Sararin sama ma sifili yake bayarwa. Manhajar da ta ɗauki kowane sifili a matsayin fili za ta kai jirgi jikin farin bango da rana tsaka.

Tsayawar da yake yi da la'asar kuwa, zato mafi ƙarfi shi ne yamma yake fuskanta. Idan rana ta yi ƙasa ta shiga idon kyamarar kai tsaye, sai ta rage buɗewarta, sauran hoton ya yi duhu, walƙiya ta bazu a gilashin ido ɗaya ba daidai da ɗayan ba. Daga nan sai wasu 'yan ɗigo na ƙarya su bayyana kamar abu a mita 1. Ƙurar hunturu da ta kwanta a gilashin tana ƙara wannan bazuwar, haka ma shinge mai sanduna iri ɗaya a jere yana ruɗa daidaitawar. Idan manhajarka mafi ƙanƙantar lamba take ɗauka a kowane yanki, ɗigo guda ya isa ya tsayar da jirgin. Tabbatarwa ba wuya: ɗauki bidiyon `.bag` a RealSense Viewer a wannan lokacin, ka riƙe jirgin a hannu, ka juya gabas sannan yamma, ka buɗe hoton infirared na hagu gefe da gefe da hoton nisa. In ɗigon suna walƙiya suna sauya wuri daga hoto zuwa hoto, ba abu ba ne. Abu na gaske yana zama wuri ɗaya, nisansa yana raguwa a hankali yayin da kake matsowa.

Ga yadda zan sake rubuta awon kowane yanki:

```python
ok = band[band > 0]
if ok.size < 0.3 * band.size:
    d_cm = 65535
else:
    d_cm = int(np.percentile(ok, 5) / 10)
```

Maimakon mafi ƙanƙanta, ana ɗaukar lambar da kashi 5 cikin ɗari na awon suke ƙasa da ita, ta yadda 'yan ɗigo kaɗan ba za su yi tasiri ba. Sai dai ka sani ciniki ne: tacewar da ke share ɗigon ƙarya ita ce kuma ke share siririn reshe. Saboda haka kada ka wuce kashi 5, kuma ka bar yankunan ƙanana. Lambar 65535 a saƙon `OBSTACLE_DISTANCE`, mai gurabe 72, tana nufin ba a sani ba. Kada ka ɗauka aika ta kawai zai tsayar da jirgin. Ka sa hukuncin a cikin Pi. Yankin da ya nuna abu a mita 3 ɗazu sannan ya koma sifili, riƙe tsohon awon na sakan ɗaya ko biyu kana rage shi daidai da tafiyar jirgin, domin bango ba ya gushewa don kawai ka matso shi. Ka kashe matatar `hole filling`, wadda ke cike ramukan da lambobin maƙwabta, ta ɓoye maka ainihin inda kyamarar ta makance.

A ArduPilot ka duba cewa `PRX1_TYPE` yana kan 2, `AVOID_MARGIN` bai gaza mita 2 ba, kuma in a yanayin Auto kake tashi, `OA_TYPE` ya zama 1, wato BendyRuler, don kaucewar da ke aiki a Loiter ba ita ke aiki a Auto ba. Sannan ka sauke `WPNAV_SPEED` zuwa 200, da santimita a sakan ake ƙirga shi. In lallai aikin naka yana buƙatar gudu, D455 mai tazarar milimita 95 tana rage kuskuren da kusan rabi, amma faɗin fiksel ɗinta kusan iri ɗaya ne, don haka matsalar waya da tsinke tana nan.

Kafin ka sake tashi, cire farfela, ka kafa sandar ruwa ta roba a tsaye a fili, ka ɗaura igiya a kwance tsakanin sanduna biyu, ka tako zuwa gare su da jirgin a hannu da safe, da azahar, da la'asar. Rubuta nisan da kowanne ya fara fitowa ba yankewa. Mafi gajarta daga cikinsu, bayan ka cire tazarar da ka sa a `AVOID_MARGIN`, shi za ka sa a wurin `s` ka fitar da gudun da jirginka ya cancanta.