Kuɗin kula da asusu da aka cire bisa kuskure

"Bankina a Sabon Gari ya cire mini kuɗin kula da asusu sau uku, alhali asusun ajiya gare ni. Yaya zan rubuta takardar neman a mayar mini?"

Malam, kana da hujja, domin ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta taƙaita wannan kuɗi ga asusun karan, wato wanda ake ba da cak a kansa. Sai dai ka fara karɓo bayanan asusunka ka duba abin da aka rubuta a gefen kowane ciri, saboda mutane da yawa suna rikita shi da kuɗin kula da kati ko na saƙon waya, waɗanda halal ne a cire su daga asusun ajiya.

Idan ka tabbatar, ka rubuta wa manajan reshen, ka sa sunanka, lambar asusu, da ranar kowane ciri tare da adadinsa har zuwa kwabo. Sannan ka nemi abu biyu ƙarara: a mayar da jimillar kuɗin, a kuma daina cirewa. Kada ka cika takardar da faɗa, kuma kada ka rubuta lambar sirrinka.

Ka je da kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan naka. Na taɓa miƙa tawa ba hatimi, da na koma aka ce ba a ganta ba. Idan kwana talatin suka wuce shiru, ka kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin, haɗe da wannan kwafin.